Na biya kuɗin dizal daga layin horaswa, odita ya ba ni kweri

Baban Ummi: Jama'a wa ya taɓa shiga irin wannan? Shekara bakwai ina akanta a kamfanin sarrafa shinkafa kafin in koma wata ma'aikatar jiha, can idan dizal ya yi tsada manaja kawai za ka gaya wa ya sa hannu, ƙarshen shekara a duba riba. Nan kasafi ya ba mu miliyan 2 na dizal, zuwa Oktoba mun ci miliyan 2 da dubu 600, ga miliyan 3 na horaswa ko kwabo ba a taɓa ba sai na biya daga ciki. Wai na wuce kasafi da dubu 600, alhali a jimla ko kusa ba mu cinye ba.

Hajiya Mai Ritaya: Ɗana kwerin nan daidai ne, ni ma ta ci ni farkon aikina. Gwamnati ba riba take lissafi ba, izini take lissafi. Majalisa ce ta ce dizal miliyan 2, to ko asusu ya cika ya batse iyakarka kenan. Ka buɗe bot buk ɗinka, wato littafin da ake rubuta abin da aka ware da abin da aka kashe, kowane layin kasafi da shafinsa, kafin a rubuta bauca ake duba saura nawa. Da ka ga dizal ya kusa ƙarewa tun Agusta sai ku rubuta neman bayamen, wato izinin ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, a ɗebo dubu 600 daga horaswa, dizal ya zama miliyan 2.6, horaswa miliyan 2.4, amincewa ta fito a rubuce, sannan ka biya. Kai ka biya tukuna.

Sani Kwangila: Ai gara ku. Ni aikina yana cikin kasafi baƙi da fari, na gama tun bara ba a biya ni ba, in kuɗin na nan ina suka shiga?

Hajiya Mai Ritaya: Malam Sani taka daban ce. Kasafi izini ne ba tsabar kuɗi ba, sai an saki waran, wato takardar umarnin fitar da kuɗi, kuma kuɗin sun shigo.

Auwalu: A wajenmu babban sakatare ne kawai yake sa hannu an gama bayamen, ba sai an je ko'ina ba.

Maman Haidar: Auwalu ya danganta fa, kowace jiha da ƙa'idarta, kuma kar ka gwada kwashe na manyan ayyuka ka kai harkar yau da kullum da sa hannunsa kaɗai. A 2016 ma Buhari sai da ya rubuta wa majalisar tarayya neman bayamen. Ni abin da ya ƙona min rai ragowar kuɗi ne, mun yi tsimi mun rage miliyan 1 ina murna kamar riba ce, 31 ga Disamba izinin ya mutu kuɗin suka koma baitulmali.

Baban Ummi: Hajiya to yanzu za a iya neman bayamen ɗin a baya bayan an riga an biya?

Hajiya Mai Ritaya: Na ga inda aka yi, na kuma ga inda aka ƙi har magana ta kai kwamitin asusun gwamnati na majalisa. Fara amsa kwerin, ka haɗa da rasit ɗin dizal duka.