Ɗan shekara biyu da rabi mai birgima, na gaji da dukansa

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum iyaye. Dan Allah ina neman wadda ta taɓa shiga irin halin da nake ciki. Yarona shekara biyu da rabi, da na karɓe wayata daga hannunsa sai ya zube ƙasa yana birgima yana buga ƙafa, in na tsula masa bulala ya ƙara volume, ƙarshe ni na gaji na miƙa masa wayar dan a samu lafiya. Jiya na zane shi har shatin bulala ya fito a cinyarsa, da ya yi barci na zauna ina kallon wurin ina hawaye. Ya kuka yi da naku?

Malamar Raino:
Wa alaikissalam 'yar uwa. Kin faɗi amsar da bakinki ai, a ƙarshe kina ba shi wayar. Yaron ya riga ya gane farashinta, kuka ne da bulala biyu, kuma ya yarda ya biya. A ajina 'yan shekara 2 zuwa 3 ne, ga yadda nake yi. Kafin na karɓi abu sai na sanar, "in wannan waƙar ta ƙare za mu ajiye." Tana ƙarewa na karɓa. In ya zube, na janye abin da zai ji masa ciwo, na durƙusa daidai tsayinsa na faɗi magana ɗaya tak, "ka ji haushi, amma an gama waya." Daga nan shiru, ina kusa amma ba wa'azi, dan a wannan lokacin ko me kika ce ba ya shiga. In ya sauko na rungume shi mu kama wani abin. Amma ki sani, kwanakin farko abin ƙaruwa yake, zai ja kukan fiye da da dan ya gwada ko tsohon farashi na aiki. Ranar da kika sare bayan minti 20 kin koya masa ya riƙa kai minti 20.

Maman Tagwaye:
Ni ɗaki nake turawa in ja ƙofa in ce dodo na zuwa, tsit kake ji.

Malamar Raino:
Ware shi ɗin ba laifi maman tagwaye, amma banda kulle da dodo, tsoron duhu za ki saya musu su hana ki barci. Tabarma a gefen tsakar gida inda kina ganinsa ta isa, minti ɗaya kan kowace shekara, ɗan biyu minti 2. Kuma warewar ta yaron da ya yi duka ko cizo ce, ba ta mai kuka ba.

Baban Yara:
Ni abin da na lura da tawa, rigimarta lokaci gare ta, wajen ƙarfe 12 kafin a sauke abinci da kuma in ta tsallake barcin rana. Ayaba ɗaya da hantsi ta kashe rabin fitinar. Sai wanka da take ƙi, uwarta ta daina tambayar "za ki yi wanka?" tunda amsar a'a ce, yanzu sai ta ce "kofi ja ko shuɗi za ki zuba ruwa da shi?" Wani lokacin ta ce ba ko ɗaya, a ɗauke ta cak tana ihu a wanke ta hakanan, ba duka dai.

Amarya:
Nawa fa in ya fara kuka shiɗewa yake, leɓensa ya canza kala ya yi laƙwas, shi ya sa komai yake so ba shi nake wlh.

Malamar Raino:
Wannan daban ne ƙanwata. Ki kwantar da shi ta gefe, kar ki jijjiga shi, kar ki sa masa komai a baki, yawanci kafin minti ɗaya numfashin ya dawo. Amma ki kai shi asibiti likita ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce, a duba jininsa, dan ƙarancin jini na ƙara yawan shiɗewar.

Hajiya Kaka:
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Takwas na raina da tsumagiya ba wanda ya lalace. Amma gaskiya ɗan da bai daɗe da yaye ba ban taɓa zane shi ba, goya shi nake in ci gaba da aikina har ya yi barci.

Uwar Biyu:
Na dawo, yau kwana 5. Ranar farko ya fi minti 25 yana birgima, na ciji haƙori ina tsintar shinkafa kusa da shi. Jiya bai kai 10 ba ya taso da kansa ya hau cinyata. Matsalar yanzu surukata, tana jin kukansa take leƙowa da wayarta a hannu, "zo nan maigidana, rabu da ita." Ni kuma ba na iya ɗaga ido in yi mata magana.

Baban Yara:
Wannan aikin ɗanta ne, ki bar shi ya same ta shi kaɗai. Ko da yake tawa Hajiyar sau uku ina mata magana, har yau alawa na ƙulle a bakin zaninta.