Mu nawa ne a Maraɗi? Waɗanda aka ƙirga da waɗanda aka ƙiyasta

Maman Nafisa: Salamu alaikum jama'a. Ɗiyata tana haɗa aikin lakkwal a kan yawan jama'a, sai ta tarar da lamba biyu. Wata takarda ta ce mutanen Nijar 17,138,707 ne, wata ta ce mun wuce miliyan 25. Ta tambaye ni wace ce ta gaskiya, na rasa abin ce mata. Wanda ya taɓa aikin ƙidaya, ko aka ƙirga gidansa yana nan, ya taimaka mana da abin da ya gani.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Hajiya, dukansu ba su kai ba. Lokacin mahaifina in aka ce masu rubutu sun shigo gari, samari daji suke yi, saboda kowane kai da aka rubuta lanho ne. A ce wai birnin Maraɗi mutum 267,249 ne a 2012? Wanda ya rubuta haka ya shigo babbar kasuwa ran Juma'a ya gani da idonsa.

Mushe Isuhu: Alhaji, akwai gaskiya a maganarka, amma rubutu iri biyu ka haɗa. Na mai gari da ma'aikatar magajin gari shi ne na lanho, shi ake gudu. Ƙidayar ƙasa ta INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, dabam take, an yi ta a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma ba ta da alaƙa da karɓar kuɗi, ko da yake tsoron ya bi ta. Na yi aikin a Disamban 2012 a wani ƙauye. Kowane mai ƙirge an ba shi taswirar yankinsa, wajen mutum dubu, ya bi gida gida yana sa lamba a ƙofa.

Ga yadda gida ɗaya ya kasance. Mai gida, mata biyu, yara tara, duk tukunya ɗaya, mutum 12 ke nan mazauna. Babban ɗansa ya tafi cirani Kano bayan an gama girbi, wata biyu da suka wuce. Shi na rubuta shi mazaunin gida da ba ya nan, don bai kai wata shida da tafiya ba, lissafi ya zama 13. Wani ɗan yana Libiya shekara biyu, shi bai shiga ba, duk da uban ya nace cewa ɗakinsa na nan da kwaɗo. Akwai ƙanwar amarya da ta zo taya renon jego kwana goma, ta shiga sahun baƙi, gidan mijinta ne zai ƙirga ta. In ka tambayi mai gidan, 15 zai ce maka. A lissafin mazauna 13 ne. Babu wanda ya yi ƙarya, ma'aunin ne wata shida.

Haka kasuwarka take, Alhaji. Ɗan Tibiri da ɗan Jiratawa da ɗan Madarunfa da suka cika ta da rana, inda suke kwana aka rubuta su.

Alhaji Ɗan Kasuwa: To ai Disamba lokacin cirani ne. Ba ku zubar da rabin mazan ƙauye ba kuwa?

Mushe Isuhu: A ƙa'ida ba a zubar da su, muddin wanda ya rage a gida ya faɗe su. Inda abin yake zubewa shi ne jarirai. Ka ce wa mai gida ya lissafo mutanensa, zai fara da kansa, ya bi matansa, ya bi yara daga babba, sai ya tsaya. Jinjirin da ba a yi wa suna ba bai zama mutum ba a bakinsa. Wata uwar kuma ɗan fari ne ba ta ambata, don kunya, balle in yana hannun kakarsa. Sai ka koma ka tambaya: akwai na goye? akwai wanda ya kwana nan jiya ba mu rubuta ba? Mai ƙirgen da rana ta dafa, yana sauri ya cike yankinsa, ba zai sake tambaya ba. Shi ya sa bayan ƙidaya ake zaɓar wasu yankuna a sake bi, a gwada sunaye da na farko, a ga kashi nawa aka tsallake.

Sani Kabu-kabu: Ni dai ban taɓa ganin an ƙirga ni ba. Na je na yi layi, aka ɗauki hotona da yatsuna, kati bai fito ba sai da aka kusa zaɓe.

Maman Nafisa: Sani, wannan rijistar zaɓe ce, ta masu shekara 18 zuwa sama. Kusan rabin ƙasar nan ba su kai 15 ba. A 2012 kai ma wataƙila kana wasa a waje babanka ya ba da sunanka.

Majo Hadiza: Bari in kawo tawa, don ni da ƙiyasi nake aiki kullum. A likitar da nake, duk farkon shekara ana aiko mana da yawan mutanen yankinmu, daga ciki a fitar da yaran da ya kamata mu yi wa rigakafi. Wannan lamba ba wanda ya ƙirga ta, daga ta 2012 aka jawo ta. Tun 2019, da mutanen Zamfara da Sakkwato suka fara kwararowa wajejen Gidan Rumji saboda ƴan bindiga, mun sha yi wa yara allura fiye da waɗanda takarda ta ce suna akwai. Rahoto ya nuna mun wuce kashi 100, ana yaba mana, alhali na san rugagen da ba mu taka ba. Duk inda kuka ga an wuce ɗari bisa ɗari, galibi lambar yaran da aka aiko mana ce ta yi kaɗan.

Mushe Isuhu: Majo ta kai mu ga amsar Hajiya. A 2001 an ƙirga 11,060,291, a 2012 aka ƙirga 17,138,707. Tsakaninsu aka fitar da ƙaruwar kashi 3.9 cikin 100 a shekara. Nafisa ta ɗauki kalkuleta ta buga 17,138,707 sau 1.039, abin da ya fito ta sake bugawa sau 1.039, har sau goma. Za ta samu wajen miliyan 25.1, shekarar 2022 ke nan. Ta sake yi da 1.037, za ta ga miliyan 24.6. Wannan ɗan bambancin da ido bai gani ya haifar da kusan mutum rabin miliyan, ya fi duk birnin Maraɗi na 2012. Masana ba haka kawai suke yi ba, suna raba jama'a bisa shekaru, su sa haihuwa da mutuwa da ƙaura kowane da hasashensa. Amma hasashen yana motsi: binciken 2012 ya ba mace haihuwa 7.6, na 2021 ya ba da 6.2. Wanda ya riƙe ta farko da wanda ya ɗauki ta biyu ba za su haɗu a lamba ɗaya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma takan gyara tushen tun farko, ta cike waɗanda take ganin an tsallake, shi ya sa lambarta da ta INS ba su cika zama ɗaya ba.

Ƙiyasin ƙasa gaba ɗaya kuskurensa da sauƙi. In aka sauko kan gari ɗaya ne yake karkacewa, don ba a ga wanda ya bar ƙauye ya tare a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi ba.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Na ji lissafi, Mushe. Amma 3.9 ɗin nan daga ƙirge biyu ta fito. In na 2001 an fi tsallake mutane, na 2012 aka fi kamawa, ai ƙaruwar ta kumbura ba tare da an haifi kowa ba.

Mushe Isuhu: Haka ne, Alhaji, hakan na iya faruwa, kuma masu fannin suna yin wannan gardamar.

Maman Nafisa: To za ta rubuta duka biyun, kowace da shekararta, ta ce wannan ƙirge, wannan ƙiyasi. Majo, yaran ƴan gudun hijirar nan, in an zo sabuwar ƙidaya a lissafinmu za su shiga ko na Najeriya?

Majo Hadiza: Wasu sun shekara biyar a nan, sun yi gonaki. Wasu kuma in an samu lafiya su koma, in an kai hari su dawo. Mushe, wata shidan naka yaya zai yi da waɗannan?