Yadda za a sanar da sabon sunan ƙungiyar matasa

Da muka tattauna kan jawabin sauya sunan ƙungiyar samarin unguwarmu, shawarar da ta fi rinjaye ita ce shugaba ya faɗi sabon sunan tun a farkon magana, sau biyu, kafin ya shiga dalilai. Dalilin kuwa ɗaya ya isa: 'yan mata sun shigo, kalmar "samari" ta yi mana kaɗan, shi ya sa muka koma "matasa".

Wani dattijo ya ja kunne kada a kushe tsohon suna, domin waɗanda suka raɗa shi suna zaune a wurin. A gode musu tukuna. Ma'aji kuma ya ce a fayyace cewa asusun banki da rasit suna nan da tsohon suna har a gama gyaran rajista, kada mai biyan kuɗin wata ya rikice.