Farin da ke kan burodin nan, fulawa ce ko fumfuna?

Maman Nana: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku duba mini hoton nan. Ranar Juma'a aka yi sunan ɗan ƙanwar maigidana a Bukoki, ni na kwana biyu can ina aikin tukunya, har ƙafata ta kumbura. Da za mu dawo Yantala uwar mijina ta ba ni burodi mai laushi guda biyar da ya rage, ta ce na yara ne. Kun san ba a mayar da hannun Hajiya baya. Na bar su cikin ledarsu a kan firigo. Yau Litinin na buɗe, sai na ga fari-fari a bayan guda biyu, ɗaya kuma da ɗan ɗigo kore a gefe. Maigida ya tafi Tawa, sai ƙarshen wata. In ba yara ko in zubar?

Alhaji na Katako: Wa alaikumus salam. Fulawa ce wannan, daga nan ma ina gani. Masu burodi suna barbaɗa ta kafin su sa a wuta. Koren nan ki yanke shi da wuƙa, ki gasa sauran a kasko da ɗan mai. Wuta ba ta barin ƙwayar cuta. Mu da muka tashi da burodin kwana huɗu ga mu nan da ranmu.

Baban Halima: Alhaji, a yi mini haƙuri, shekara tara na yi a gidan burodi, ba zan iya rantsuwa a kan hoton nan ba. An ɗauke shi da dare da hasken waya, kuma hasken nan yana mayar da kome fari fat, ya shafe gashin da ake nema. Ga shi in an turo hoto ta WhatsApp ana matse shi, ƙananan abubuwa su ɓace. Abin da ya sa ni shakka shi ne irin burodin. Baget ne aka saba gani da fulawa a baya. Mai laushi mai sukari bayansa sumul yake, launin ƙasa, har da ɗan sheƙi, to me ya kawo fari a kansa? Maman Nana, ranar Juma'a da aka ba ki, farin yana nan? Ki fita tsakar gida da rana, ki karkata burodin yadda haske zai bugo shi daga gefe. Fulawa a kwance take, busasshiya, in kin shafa da yatsa ta kakkaɓe. Fumfuna tana tashi kamar gashin auduga, tana yin da'ira-da'ira, in kin shafa sai ta murje ta bar tabo. Kada ki kai hanci kanta ki shaƙa.

Maman Nana: Baban Halima, wallahi ban duba ba ranar Juma'a, a gajiye na dawo. Amma ledar a ɗaure take tamau, ban bar ƙuda ya taɓa ba. Ni ba ƙazama ba ce.

Baban Halima: Ba wanda ya ce ke ƙazama ce, ƙanwata. Ɗaurin nan shi ne ya jawo. Muna cikin Agusta, iska cike da laima. Burodi yana fitar da gumi, leda ta riƙe shi, ga ɗumin da ke tasowa daga bayan firigo. Laima da ɗumi, abin da fumfuna ke so ke nan. A watan Afrilu da kin bar shi a buɗe bushewa zai yi ya zama katako, wanda ya bushe kuma ana jiƙa shi a shayi a ci lafiya. Na damina a leda ba haka yake ba.

Tanti Mariama: Ni dai masu burodin unguwarmu sun ishe ni. Na jiya suke haɗawa da na yau su ce yanzu ya fito. Ran nan na mayar musu, yaron ya ce in ban so in bari. Ga kuran da ake ɗaukewa kullum, abin da ka sa a firigo ma ba tsira ya yi ba.

Ɗan Gaya: In ɗigo baƙi ne ba kome. Mangwaro nake sayarwa, kullum yana zuwa da baƙin tabo a bawo, ruwan da ke fita daga hancinsa ne ke ƙona fatar. Ka feɗe ka tarar da ciki lafiya lau.

Baban Halima: Ɗan Gaya, naka gaskiya ne in tabon a bawo ya tsaya, busasshe, naman kuma da ƙarfinsa. In wurin ya lotsa, ya yi ruwa, yana tsami, ka san da kanka ba ka ba mai saye. Amma burodi ba shi da bawon da zai tare. Cikinsa duk ramuka ne kamar soso. Koren da ake gani a sama kan abin ne kawai, zarensa ya riga ya ratsa ciki inda ido ba ya kaiwa, balle hoto. Abu mai tauri irin karoti ko kabeji shi ne ake yanke wa, a zagaye wurin da kamar santimita 2 da rabi, kada wuƙar ta taɓa fumfunar. Burodi, tumatir, ayaba da ta yi laushi, ba a yi musu haka.

Alhaji na Katako: Kai dai kana tsorata baiwar Allah. Na ce a gasa. Zubar da abinci almubazzaranci ne, mutane nawa ke kwana da yunwa a garin nan? Tun da nake ban taɓa jin wanda burodi ya kwantar ba.

Baban Halima: Alhaji, wuta tana kashe fumfunar, wannan na yarda. Amma wasu irinta suna barin dafi a cikin abinci, shi kuma zafin kasko ba ya lalata shi. Irin abin da ake faɗa kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a buhu ne. Ba kowace ke da dafi ba, sai dai launi ba ya nuna wace ce, kore ko fari ko baƙi. Babba mai lafiya zai iya ci bai ji kome ba. Ƙananan yara take magana.

Maman Nana: To na fita rana na duba. Guda ɗaya farin ya kakkaɓe, ɗayan yana da ɗan gashi. Biyun da ba su da kome a baya na yaga ɗaya, tsakiyarsa na ɗan manne wa hannu, yana wani ƙamshi kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Ina ga sukari ne ya yi yawa. Da safe ma na ba Nana rabi da shayi, tana nan tana wasanta.

Baban Halima: Wannan da kika faɗa yanzu ya fi koren damuna, kuma ba hoton da zai nuna shi. Ki yaga wani a hankali ki ja gefe biyu. In kin ga zare siriri yana miƙewa kamar yauƙin kuɓewa, ba sukari ba ne. Wata ƙwayar cuta ce da ke zuwa tun cikin fulawa, gasawa ba ta kashe ta don tsakiyar burodi ba ya wuce digiri 100, sai ta farka in an samu zafi da laima. Ta taɓa shigar mana a damina, sai da muka wanke kwano da tebur duka da binega. Ni a gidana duk biyar ɗin ba mai ci, tun da leda ɗaya suka kwana uku. Nana kuma ki sa mata ido yau. In amai ko zawo ya zo ki fara ba ta ruwan gishiri da sukari, in ya ƙi tsayawa ko jikinta ya yi zafi ki kai ta likita.

Tanti Mariama: Ki ba awaki mana, ai ba asara.

Baban Halima: Tanti, mai koren nan ko akuya ban ba.

Alhaji na Katako: Akuyar da ke cin leda da kwali? Ku dai kun ga dama.

Maman Nana: Mai koren da mai gashin na ware su. Sauran zan yanka in shanya a rana in gani, don zaren da na gani kaɗan ne, ba kamar kuɓewa sosai ba. Gobe Hajiya za ta zo, kuma na san sai ta tambayi yara ko sun ci. Wa zai gaya mini abin da zan ce mata?