Rimot ɗaya ga dikoda da talabijin: wa ya taɓa haɗawa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku ba ni shawara. Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, rimot biyu na rikita shi. Jiya ya danna na talabijin ya sauya tasha, hoto ya ɗauke, ya zauna shiru har na dawo. Yaya zan yi na dikoda ya riƙa kunna talabijin ɗin ma?

Sani Ɗan Autan Gida: Wa'alaikumus salam. Anti, abu mai sauƙi ne. In dai da wayar HDMI kika haɗa su, shiga saitin talabijin ki kunna CEC, wato tsarin da ke sa na'ura ɗaya ta sarrafa ɗayar ta wayar HDMI, shi ke nan.

Malam Injiniya: Sani ka faɗi rabi. Sai dikodar ma tana da CEC kafin su ji maganar juna, kuma ƙananan dikododi da yawa ba su da shi. Sunan ma kowane kamfani da nasa: Samsung na kiransa Anynet+, LG kuma SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Hajiya, duba saitin dikodarki, kin ga HDMI-CEC? Sannan dubi saman rimot ɗin dikodar, akwai wasu maɓallai da aka zagaye da layi aka rubuta TV?

Maman Ummi: Malam, babu CEC a saitin. Amma maɓallan suna nan: SET, POWER, AV, VOL+ da VOL-, da wata 'yar fitila a gefe.

Malam Injiniya: Alhamdu lillahi, rimot mai koyo ne. Waɗannan maɓallan fanko suke zuwa, ke za ki koya musu aiki daga rimot ɗin talabijin.

Fara da sa sabon batir a duka biyun. Ajiye su kan tebur kai da kai, tsakaninsu kamar faɗin yatsa biyu. Danna SET ki riƙe har fitilar ta tsaya da haske. Sai ki danna POWER na cikin layin, fitilar za ta fara ƙyaftawa, wato tana jira. Yanzu danna maɓallin kunnawa na rimot ɗin talabijin, ki ɗan riƙe shi. In ta kama, fitilar za ta yi ƙyaftawa da sauri sannan ta tsaya. Haka za ki bi AV da na ƙarar murya ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ki danna SET don ya adana. Wasu rimot ɗin sun ɗan bambanta, shi ya sa ki juya bayansa, sau da yawa an buga matakan a nan.

Baban Khalifa: Ni ma abin da nake nema ke nan. Dikoda ɗaya gare ni, ina so yara su kalla a ɗaki, ni a falo.

Sani Ɗan Autan Gida: Yaya, wannan wata magana ce daban, taka ta raba hoto ce zuwa talabijin biyu. Bari a gama da Anti tukuna.

Maman Ummi: Na gwada. Murya da AV sun kama. POWER kuwa sau uku ina yi, fitilar sai ta mutu kawai.

Malam Injiniya: Tunda sauran sun kama, rimot ɗin lafiya yake. Ko dai kin jinkirta ya gaji da jira ya fita, ko kawunan sun kauce wa juna, ko kuma haske mai ƙarfi na dukan su. Matsa daga bakin taga da ƙarƙashin ƙwan lantarki. Kuma wannan karon kada ki riƙe maɓallin, ki danna ki saki.

Hajiya Babba: Ni nawa ko maɓalli ɗaya bai koya ba. Rimot ɗin talabijin ɗina irin wanda ake yi wa magana ne.

Malam Injiniya: Hajiya, irin wannan galibi da bulutut yake aiki, shi kuwa mai koyo hasken da ke fita daga kan rimot kaɗai yake kwafa, wanda ido ba ya gani. Buɗe kyamarar waya, ki saita kan rimot ɗin, ki danna maɓalli. In kin ga ɗan haske fari-fari mai shunayya yana walƙiya, wannan maɓallin zai koyu. Wasu wayoyin suna tace hasken, sai ki fara gwadawa da rimot ɗin dikoda, ko ki juya kyamarar gaba. In babu, ki nemi rimot na gargajiya na kamfanin talabijin ɗin, ki koyar daga shi.

Maman Ummi: Ya kama! Labule kawai na sauke. Allah Ya saka da alheri. Sai dai yanzu murya biyu ce, Baba zai ƙara ta talabijin alhali ta dikoda na ƙasa.

Sani Ɗan Autan Gida: Ki kai ta dikoda kusan ƙarshe ki bar ta, a riƙa amfani da ta talabijin kaɗai. Ni ɗan tef na manna a kan wanda ake dannawa, yatsa na jin sa ko a duhu.

Malam Injiniya: Wannan dabarar ta yi. Da ni ne ma, da ban koya wa rimot ɗin AV ba, don shi ne zai sake ɗauke wa Baba hoto.

Maman Ummi: To ai na riga na koya. Ana iya goge shi kaɗai, ko sai an goge duka?

Malam Injiniya: Goge ɗaya ba kowane rimot ke yarda ba. Ki sake koya masa VOL+ a kan maɓallin AV ɗin, sabon zai danne tsohon. Gwada ki faɗa mana.