Gaisuwar safe a gidan bene: a ƙwanƙwasa ƙofa ko a bari sai an haɗu?

Ɗan Matamai: Salamu alaikum. Wata biyu ke nan da aiki ya dawo da ni Damagaram, na kama haya a wani bene a Sabon Gari, gida huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Can gidanmu a Matamai, in an sauko daga sallar asuba sai ka bi ɗaki ɗaki: ka durƙusa wa tsoho a zaure, ka leƙa wajen Inna, ka tsaya bakin danga ka gaida maƙwabta, ina kwana, ina gajiya, yaya kwanan yara. Sai na ɗauko wannan al'ada na kawo nan. Ƙarfe 6 da rabi nake bin ƙofofi. Kwana na huɗu matar maƙwabcina na sama ta buɗe kaɗan ta ce, "Malam, lahiya dai?" Na ce gaisuwa ce kawai. Ta ce maigidan likita ne, aikin dare ya yi a asibiti, yanzu ya kwanta. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Tun ran nan na daina, amma kuma ina ji kamar gaba nake da mutane. Ku yaya kuke yi?

Hajiyar Birni: Ɗana, ba gaisuwarka aka ƙi ba, wurin da ka kai ta ne. A gidan ƙauye, har ma nan cikin Birni, akwai zaure, akwai tsakar gida. Wanda ya shirya ganin mutane shi ke fitowa ya zauna, kai kuma ka same shi. Baƙo namiji ma a zaure yake yin sallama, a aika yaro ciki. Bene ba shi da zaure. Ana buɗe ƙofa ka riga ka ga falon mutum, wataƙila matarsa ko kallabi ba ta ɗaura ba. Shi ya sa duk wanda ya ji bugun ƙofa da sassafe gabansa ke faɗuwa: ko rasuwa, ko mai gidan haya. Ƴata ta yi shekara 3 a irin wannan gida. Abin da ta yi, ranar da ta tare ta aika yarinya da kwanon fura kowane gida, da la'asar ta bi da kanta ta gabatar da kanta. Daga nan sai gaisuwar matakala, da leƙawa ranar Juma'a.

Mai Kabu-kabu: Ni dai gani nake girman kai ne na ma'aikata. Mu a gidan haya na tsakar gida ɗaya a Garin Malam, ɗaki tara, ba wanda zai kai buta bayan gida bai gaida mutum biyar ba.

Hajiyar Birni: Ai ka faɗa da bakinka, tsakar gidanku ɗaya. Rufe kowa da nasa famfo da nasa bayan gida ka gani.

Malama ƴar Mirya: Kada dai a wanke ƴan bene gaba ɗaya. A Mirya kakata in ba ta fito shan hantsi ba, kafin ƙarfe 8 an leƙa ɗakinta, haka aka gano ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Nan kuwa mahaifiyar maƙwabciyata ta rasu a Tanut, bango ɗaya ya raba mu, ban ji ba sai ranar sadakar uku da na ga takalma jibge a ƙofa. Kullum muna "ina kwana" a matakala, amma gaisuwar tafiya ce, kowa na sauri, ba mai tsayawa ya ce yaya mutanen gida. Har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Abba_Zango: Gaskiya ne, yaran yanzu ba su durƙusawa, sai su miƙo wa babba hannu.

Ɗan Matamai: Abba, ba maganar yara ake ba. Malama, abin da nake tsoro ke nan.

Tsohon Gandurobi: Ni ruwa ya haɗa ni da nawa maƙwabtan. Kun san halin Damagaram da rani, famfo sai tsakar dare yake kawowa, kuma ba ya hawa sama. Na ƙasa in ya ji ya fara tsiyaya sai ya bugo mini ƙofa, mu sauko da bido. A layin nan na san sunan kowa da garinsu. Wannan bugun ƙofar, ko ƙarfe 2 na dare ne, ba mai ce maka lahiya. Shi kuma likitan naka, tare shi a masallaci da magariba kafin ya tafi aiki.

Ɗan Matamai: Jiya na same shi bayan magariba, ashe ɗan Kance ne, har ya san kawuna. Ya yi ta dariyar zancen. Saura na ƙasa ta hagu, wata biyu ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai in ji tashin motarsa.