Aikin dare da minshari, ga kuma matsala a shimfiɗa

Salam 'yan uwa, a ɓoye sunana. Shekarata 41, aikin dare nake a wani kamfani, 7 na yamma zuwa 7 na safe, da rana in na samu barcin awa huɗu to na gode Allah. Uwargida ta ce ina minshari har numfashina ya ɗauke sai in zabura. Yanzu gabana baya miƙewa kamar da, ko na asuba na daina gani. Wani mai kemis ya ce in yi allurar testosteron, wato sinadarin mazantaka, in yi?

Baban Ilham: Sanyi ne ko basir malam, nemi saiwa ka jiƙa, sati biyu ka ba mu labari.

Abu Nas: Baban Ilham basir bai ɗauke wa mutum numfashi cikin barci fa. Ɗan uwa maganar iyalinka ita ce abin dubawa, hanyar iska ce ke toshewa a maƙogwaro, iska ta yi ƙasa a jini sai ƙwaƙwalwa ta tashe ka, wani sai a yi masa haka sau 30 a awa ɗaya bai ma sani ba. Shi kuma testosteron cikin barci yake hawa, haka miƙewar da ka daina gani lokacin mafarki take zuwa, sau uku zuwa biyar a dare, to wanda barcinsa ke ta yankewa ina zai kai can? A 2011 an gwada samari lafiyayyu a Chicago, barcin awa biyar na sati guda kawai, nasu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Allurar nan kar ka yi ta yanzu, tana iya ƙara tsananta ɗaukewar numfashin kuma tana rage maniyyi sosai in kana neman haihuwa. A auna maka hawan jini da suga tukun, ka nemi likita ya tura ka gwajin barci. Yau uwargida ta ɗauki minsharin a waya ku je da shi.

Sani Direba: Ni ma haka na yi fama, kwalar rigata inci 18, fitsari sau uku cikin dare, safiya ciwon kai. Na rage kilo 11 na koma kwanciya ta gefe, abin ya dawo amma ba duka ba gaskiya. Injin CPAP mai hura iska a hanci lokacin barci da aka ce in saya kuɗinsa ya fi ƙarfina, ga wahalar wuta.

Maman Khalifa: Yaya ka samu labule mai kauri, a kau da yara daga ƙofar ɗaki, kuma ka bar kofi tun tsakar dare. Maganin barci dai a'a, ƙara minsharin yake.

Mai tambaya: Na gode. To gwajin jinin testosteron ɗin ance da safe ake yi, ni kuma lokacin nake tasowa daga aiki.

Abu Nas: Kar ka je kai tsaye daga aiki, zai iya nuna ƙasa alhali ba haka yake ba. Bayan ka tashi daga barci ake so, kafin ka ci komai, kuma sau biyu a ranaku daban. Ka gaya wa likitan aikin dare kake.

Baban Ilham: Ni dai har yanzu ina kan sanyin nan.